Wasiƙar neman darasin gudanar da Linux

Tambaya: Ina koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta. Me zan rubuta wa shugaban sashe don a buɗe wa ɗaliban shekarar ƙarshe darasin gudanar da Linux a aikace?

Malam, ka fara da giɓin: ɗalibanmu sun karanta izinin fayil a littafi, amma ba su taɓa gyara sabar da ta tsaya ba. Sannan ka ba shi misalin jarrabawa guda, domin shi zai fi gamsar da shi. A ba ɗalibi sabar da shafinta ya ƙi buɗewa. Zai shiga a matsayin `root`, ya duba da `systemctl status nginx`, ya karanta dalilin a `journalctl -u nginx`, ya gano wata manhaja ta riga ta kama tashar 80, ya tabbatar da `ss -tlnp`. A ba shi maki kan yadda ya bi sawun matsalar, har da bayanin da ya rubuta.

Lallai shugaban zai tambayi kuɗi da haɗari. Ka ce Debian kyauta ne, kuma kowane ɗalibi zai yi aiki cikin na'urar kwaikwayo ta VirtualBox, ya adana yanayin na'urar kafin kowane gwaji. Wanda ya lalata `/etc/fstab` har na'urarsa ta kasa tashi daidai, ya koma abin da ya adana, kwamfutocin sashe ba su taɓu ba.