A Ƙirƙiro Mini Manazarta Goma Sha Biyar?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan talaucin ƙananan manoma a Katsina. Mai duba aikina ya ce manazartar da ke babi na biyu ta yi kaɗan, kuma saura mako uku in miƙa. Don Allah a taimaka a rubuto mini guda goma sha biyar, da sunayen marubuta da shekaru, yadda za su yi daidai da abin da na riga na rubuta. Ai ba wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amsa: Malama, ki yi haƙuri, wannan ba zan yi shi ba, kuma ina roƙon ki kada ki bari wani ya yi miki. Duk sunan da kika sa a cikin baka a ƙarshen jimla, shaida kika kira: kina cewa wane ya faɗi haka, a wuri kaza, mai shakka ya je ya duba. Idan babu wannan aikin a duniya, shaidar zur ce, kuma sunanki ne a bangon kundin. Ana kuwa bin su. Mai jarrabawa na waje yakan fara karatu daga shafin manazarta, domin mutanen fagensa ne, ya san wanda ya rubuta me. Ya ga sunan da ya sani manne da maƙalar da bai taɓa ji ba, minti biyu ya ishe shi ya gano. Daga nan hatta alƙaluman da kika sha rana kika tattaro a ƙauyuka sai ya daina yarda da su, abin da ya fi damuna ke nan.

Mako uku ya isa a samu na gaskiya, in aka bi hanya. Kuskuren da ya kawo ki nan shi ne an rubuta babi tukuna sannan ake nemar masa madogara. Ki juya abin. Ki nemi aiki ɗaya mai nauyi a fagenki, ki bar shi ya kai ki ga sauran.

A batunki, irin wannan aikin shi ne littafin Polly Hill, Rural Hausa: A Village and a Setting, wanda Cambridge University Press ta buga a 1972, a kan Batagarawa da ke kusa da birnin Katsina. Ki rubuta sunansa a Google Scholar tsakanin alamun zance, domin injin ya nemo kalmomin a jere yadda suke. A ƙarƙashin sakamakon za ki ga Cited by da lamba a gefensa. Ki latsa nan, sai ayyukan da injin ya san sun ambaci littafin su fito. Ki sa alama a Search within citing articles, ki rubuta poverty Katsina ko smallholder, sannan a gefen hagu ki taƙaita shekaru zuwa goma na baya-bayan nan. Kin tafi gaba ke nan. Tafiya baya kuma ita ce ki buɗe maƙala biyu ko uku mafi kyau daga cikinsu, ki karanta shafin manazartarsu. Sunan da ya maimaitu a wurare uku, wannan dole ki neme shi. Ki maimaita binciken a shafin African Journals Online, wato AJOL, inda mujallun Afirka da yawa suke, har da na jami'o'inmu. Kada kuma ki raina sashen kundaye na laburarenku, akwai ayyukan da ba su taɓa hawa intanet ba, kuma ma'aikacin laburare zai faɗa miki rumbunan da jami'arku ke da izinin shiga kyauta.

Samu daban, tantancewa daban. Kowane madogara ki yi masa tambaya biyu: shin akwai shi, kuma shin ya faɗi abin da nake jingina masa?

A ce a cikin wani tsohon kundi kin ga an rubuta Hill, P., 1975, Rural Hausa, Oxford. Sunan marubuciya daidai, sunan littafi daidai, don haka ido zai wuce. Ki sa sunan a WorldCat, wato kundin bayanan dubban laburaren duniya, sai ki ga 1972 ne, Cambridge ce. Wani ne ya yi kuskure shekaru da suka wuce, ɗalibai suka yi ta kwafa daga juna ba tare da ko ɗaya ya riƙe littafin a hannu ba. Kika kwafa, kin gaji kuskuren, kin kuma nuna ba ki ga littafin ba.

Maƙalar mujalla ta fi sauƙin kamawa, saboda yawancin na zamani suna da lambar DOI, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo. Ana liƙa ta a bayan adireshin doi.org. Ki gwada da wannan don hannunki ya saba:

```
https://doi.org/10.1038/171737a0
```

Zai kai ki maƙalar Watson da Crick ta 1953 a mujallar Nature, juzu'i na 171, shafi na 737. Lambar ƙarya takan ba da saƙon DOI Not Found. Amma wadda ta fi haɗari ita ce lambar da ke buɗewa, sai dai ta kai ki wata maƙala dabam, don haka buɗewar kaɗai ba hujja ba ce. Ki gwama abu biyar da idonki: marubuci, take, shekara, juzu'i, shafuka. Idan ba a ba ki lambar ba, ki sa taken a search.crossref.org. Rashin lambar kuma ba ya nufin ƙarya, domin tsofaffin mujallu da wasu na sassan jami'o'inmu ba su da ita. A nan sai ki nemo fitowar da kanta, a shafin mujallar ko a kan kanta a laburare, ki ga taken a cikin jerin abubuwan da ke ciki.

Tambaya ta biyu ita ce inda masu gaskiya ma suke faɗuwa. Littafin Hill yana nan, shekararsa daidai, amma bincike ne na gari ɗaya fiye da shekara hamsin da suka wuce. Idan kika rubuta cewa manoman Arewa a yau suna sayar da hatsinsu da kaka saboda bashi, kika rufe da sunanta, kin ɗora mata nauyin da ba ta ɗauka ba. Abin da za ki iya cewa shi ne ga abin da ta tarar a Batagarawa a wancan lokacin, shafi kaza, sannan ki kawo sabon bincike ki nuna ko abin ya canza. Wannan gwamawar ita ce ainihin abin da mai duba aikinki yake nema a babi na biyu. Shi ya sa nake cewa ki buɗe aikin, ki kai ga sakin layin da kansa, ki rubuta lambar shafi nan take a littafin ajiyarki ko a Zotero, manhajar adana manazarta. Taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala bai isa a kafa hujja da shi ba.

Idan kin kasa samun asalin aiki, amma kin ga wani ya kawo maganarsa, salon APA ya ba ki mafita: ki ambaci na asalin a cikin rubutu, ki nuna cewa a wurin wane kika gani, sannan wanda kika karanta kaɗai zai shiga manazarta. Jimlar da kika nema mata madogara kika rasa, ko dai ki cire ta, ko ki mayar da ita abin da kika gano a bincikenki na fili idan bayananki sun nuna haka.

Ki ba makon farko ga nema, maƙala biyu ko uku a rana, na biyu ga karatu da gyaran babin, na uku ga bin manazarta layi-layi. Kafin nan, gobe ki kai wa mai duba aikinki guda biyar na farko da kika tantance, ki tambaye shi sunayen mutum uku da yake ganin bai kamata babin ya rasa su ba.