Wuyan farar riga da hammatarta sun yi rawaya, wanki ya ƙi fitarwa

"Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Fararen shat ɗina na zuwa aiki duk wuyansu da hammatarsu sun koma ruwan ɗorawa, hammatar ma har ta yi tauri saboda rol-on. Na jiƙa da omo, na sa bilic har sau biyu amma kamar ƙara shi ake yi. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da na ji ƙirjina ya yi nauyi don na sha wannan baƙin cikin, kuma tun kafin komai ina roƙonka ka ajiye bilic ɗin nan, kar ka ƙara na uku. Ba idonka ba ne ke yi maka gizo, da gaske ƙara shi yake yi. Zufa tana da sinadarin furotin a cikinta, shi kuma bilic mai kulorin idan ya haɗu da furotin rawayar yake ƙara rinawa. Ni sai da na yi asarar riguna uku kafin na gane haka.

Lokacin ina zaune a Samaru ta Zariya ne, gwauro, ina da fararen shat guda biyar da na tara da kyar daga kasuwar Sabon Gari, biyu sabbi uku na gwanjo amma masu kyau. Aka kira ni intabiyu Kaduna ranar wata Litinin, a watan Afrilu, ka dai san zafin Afrilu a garin nan. Na kwashe su duka na kai wa wani mai wanki da guga a layinmu tun Alhamis, na nuna masa hammatar da yatsana na ce Malam ga matsalar nan, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, shekararsa ashirin yana wanki. Ashe bawan Allahn nan tsiyaya bilic ya yi kai tsaye a wurin ko sirkawa bai yi ba, ya bar su suka kwana, ya ga abin bai fita ba sai ya tsoma a bula, ya zuba sitati ya bi da dutsen guga na gawayi mai zafin gaske. Ranar Lahadi da daddare na je karɓa ya miƙo min a ninke cikin leda fes, ban buɗe ba sai da asuba. Ɗan uwa hammatar nan ta koma wani irin launi tsakanin rawaya da kore, tauri kamar kwali, ɗaya ma ina ɗaga hannu ta yage a ɗinkin. Na zauna bakin katifa na rasa abin yi, ƙarfe shida na safe wa zan je wa aro? Haka na sa kwat a kai cikin zafin nan, na shiga mota a Kwangila ina ta zufa kamar an watsa min ruwa, ko hannu ban iya ɗagawa da kyau ba a gaban mutanen. Da na dawo na samu mai wankin wai cewa ya yi jikina ne mai tsatsa, kuma sai na cika masa kuɗinsa. Har yau in na tuna kalmar nan raina ɓaci yake. Na biya shi dai, Allah ya isa ban ce ba amma na kusa.

To abin da na gane daga baya, wata yayata da ke koyar da kimiyya ce ta zaunar da ni, shi ne wuya daban hammata daban, ba magani ɗaya suke so ba shi ya sa kake ta wahala. Taurin nan na hammata ba datti ba ne. Juya kwalbar rol-on ɗinka ka duba bayanta, in dai mai hana zufa ne za ka ga an rubuta aluminiyam a cikin kayan haɗinsa. Shi ne ke haɗuwa da zufa ya maƙale a zaren yadi, kullum ana ƙara wani a kan wani, guga kuma na gasa shi. Omo ba ya narkar da shi, abu mai tsami yake so. In kana son tabbatarwa ɗiga ruwa a wurin, za ka ga ruwan ya tsaya a sama bai shiga yadin da wuri ba, in ka kankara da farce kuma ka ji kamar kakin zuma.

Ga yadda na ceto biyun da suka rage, waɗanda ba su sha bilic sosai ba. Na juya rigar ciki ya koma waje, don ta ciki abin ya taru. Na samu farin binega, wanda mata ke saye a shagon kayan kek, na haɗa kofi ɗaya da ruwan ɗumi kofi ɗaya a ƙaramar roba, na cusa hammatar kaɗai a ciki na bar ta kamar awa guda. Ruwan ɗumi fa na ce, wanda hannunka zai iya zama a ciki, tafasasshe dafa tabon yake yi. Bayan nan na sa tsohon buroshin haƙori na goge a hankali, za ka ji wurin ya fara laushi yana santsi. In babu binega ruwan lemon tsami da aka tace ma yana yi, sai dai ka matse da yawa. Sannan ka ɗauraye sosai, sau biyu ko uku, kar ka yi ƙyuya a nan don abin da za ka sa na gaba bai kamata ya tarar da tsamin ba.

Taurin zai tafi amma rawayar tana nan, ita kuma haidirojin ke fitar da ita, wannan dai da ake wanke ciwo da shi, kowane kemis akwai. Duba jikin kwalbar, in kashi 3 cikin ɗari ne ka yi amfani da shi haka, in kashi 6 ne ka sirka da ruwa rabi da rabi. Cokali biyu na haidirojin, cokali biyu na bekin soda, cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka, ka dama ya yi kamar kunu mai kauri, wannan ya ishi riga ɗaya. Bekin soda fa, ba bekin foda ba, na taɓa aiken yaro ya kawo min foda na yi ta mamakin me ya sa ba ya aiki. Ka shafa ya rufe tabon, ka ɗan goga da buroshi, ka ajiye a inuwa minti 45 zuwa awa ɗaya. In ya bushe ya daina aiki, ni leda nake ɗorawa a kai musamman lokacin hunturu da komai ke bushewa nan take. Sai ka wanke da omo yadda ka saba ka shanya a rana.

Kuma haidirojin yana mutuwa in ya daɗe a buɗe ko ya sha haske, ya koma ruwa zalla. Yanka ɗanyen dankali ka ɗiga a kai, in ya yi kumfa yana da rai, in shiru sayi sabo. Kuma ka dama iya wanda za ka yi amfani da shi a lokacin, kar ka zuba saura a gora ka toshe, iska yake fitarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai da mai wankin nan ma ba bilic ɗin ba ne, gugar ce. Da ya ga bai fita ba ya dawo min da su a jiƙe ma da na gode masa. Don haka in rigar ta bushe ka fito da ita waje ka duba da hasken rana kafin dutsen guga ya taɓa ta, in da saura ka sake zagaye. Tawa ɗaya sau biyu ta yi, ɗayar sai da na yi sau huɗu a cikin sati biyu kuma har yau in ka ƙura ido za ka ga ɗan alama. Bula kuwa rufa-rufa ce kawai, shuɗi a kan rawaya ai kore zai ba ka, abin da ya faru da ni kenan.

Wuya shi ya fi sauƙi. Maiƙon jiki ne da man shafawa da ƙura, mu da muke lafta basilin da sanyi sannan mu hau mashin daga Tudun Wada zuwa Kongo cikin ƙurar nan ai dole. Tun rigar tana bushe, kafin ruwa ya taɓa ta, ka zuba sabulun wanke kwanuka a layin dattin ka murza da yatsa, ka ba shi minti 20, ka wanke da ruwan ɗumi. Shamfu ma yana yi tunda aikinsa kenan cire maiƙon kai. In rawaya ta rage sai ka bi da haɗin haidirojin ɗin. Amma ka daina dirzar kwala da buroshin wanki mai ƙarfi ko a kan dutse, gefen ne zai fara zarewa tun tabon bai fita ba.

Don girman Allah kar ka haɗa binega ko lemon tsami da bilic, ko a roba ɗaya ko a kan rigar da ba a ɗauraye ba. Iskar kulorin yake tayarwa, a banɗaki rufaffe sai ta shaƙe mutum. Tunda ka ce ka riga ka sa bilic, fara ɗauraye rigunan tas ka shanya su bushe tukuna.

Gaskiya kuma zan faɗa maka, in rigar mai roba-roba ce, irin mai foliyesta ko mai talewa, kuma bilic ya riga ya rina ta, zai yi wuya ta dawo, don zaren kansa ne ya canza ba abu ne ya hau kansa ba. Ukun nan nawa haka suka tafi, ɗaya na mayar tsumman goge mashin. Ta auduga ce ke da rabon dawowa. In kuma farar shadda ce ko kaftani mai aikin zare mai launi a wuya, gwada haɗin a wani lungu ta ciki kafin ka shafa a gaba.

Akwai kuma maganar ruwa, ban san unguwarku ba. Wani ruwan rijiya ko na burtsatse yana da ƙarfe, shi ma in ya haɗu da bilic ja-ja yake sa fari. Alamarsa rigar gaba ɗaya ce ke dafewa ba hammata kaɗai ba, za ka ga gindin bokitinka ma ya yi ja. Ni da na koma Gyallesu na canza mai kawo min ruwa sai na ga bambanci.

Yanzu ni da daddare nake shafa rol-on bayan wanka, kaɗan, ya bushe kafin in kwanta, da safe ba na ƙarawa. Masu cewa ka koma alimun su ma su sani shi ma aluminiyam ne a cikinsa, sai dai ba shi da maiƙon rol-on. Na daina singileti mai siririn hannu na koma mai rufe hammata. Farar riga kuma sawa ɗaya ce, in na dawo ko ban samu wanki ba sai na ɗauraye hammata da wuya da ruwan sanyi na rataye, ba na jefa ta kwando ta yi sati da zufa a jiki. Fara da wadda ka fi tsana a cikinsu ka gwada, in ta yi sai ka bi sauran. Kuma ka faɗa min yadin auduga ne ko mai roba, da sau nawa aka goge su tun da tabon ya fito.