Yadda zaki rubuta jonal ɗin TP ba tare da ya koma labarin yini ba

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, don Allah a taimaka min. Ina NCE ne muna TP yanzu, wato koyarwar gwaji a makaranta, an ce mu riƙa rubuta rifilektif jonal kan darussan da muke koyarwa. Sau biyu supabaiza na dawo min da nawa yana cewa labari nake bayarwa ba nazari ba, ni kuma wallahi duk abin da ya faru a aji na rubuta ban bar komai ba. To me kuma yake so?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai matsalar tana nan cikin "ban bar komai ba" ɗin nan da kika ce. Nima haka aka min lokacin nawa TP ɗin, shafi biyu nake cikawa, na shiga aji ƙarfe kaza, na gaida yara, na rubuta kan darasi a allo, na yi bayani, yara sun gane, na basu aiki, aka kaɗa ƙararrawa. Malamar da ke duba mu ta ja layi ɗaya da jan biro ƙarƙashin "yara sun gane" ta rubuta a gefe wai ta yaya na sani. Na ji haushi sosai a ranar, amma da na zauna na rasa amsa, don iyakar hujjata itace na ce "kun gane?" suka haɗa baki suka ce "eeeh Malama", kuma kin san yaran nan ko me kika tambaya haka zasu amsa.

Abin da ake so shine ki tsinci abu ɗaya tak cikin darasin, abin da ya ɗaure miki kai ko bai tafi yadda kika tsara ba, ki tsaya kansa ki tona. Sauran duk ki barsu, suna nan cikin lesin nut ɗinki ai. Bari in baki nawa misalin don shine ya buɗe min ido.

Aji huɗu na firamare aka bani, lissafi, ɗebewa mai aro. Na yi misali uku a allo, na tambaya an gane aka ce an gane, sai na basu 52 a cire 27. Yara 58 ne ranar. Da na tattara littattafai na ƙirga, 9 ne suka samu 25, guda 41 sun rubuta 35, sauran takwas wasu basu rubuta komai ba wasu sun kwafe tambayar kawai. To da a tsohon salona ne sai in rubuta cewa wasu ɗalibai basu gane ba saboda rashin maida hankali da yawan aji, zan ƙara ƙoƙari gobe, shikenan. Amma ki duba, yaran da basu maida hankali ba amsoshi barkatai zasu kawo, wannan 30 wancan 79. Yara 41 su faɗa rami ɗaya, 35 cif, wannan ba shiririta bace, wata ƙa'ida suke bi, kuma wani ne ya koya musu ita ko da bai sani ba. Daga nan nazari ya fara.

Ga kusan yadda na rubuta a karo na biyu, naki da Turanci zaki yi na sani amma ginin ɗaya ne:

"Yau yara 41 cikin 58 sun bada 35 a matsayin amsar 52 a cire 27. Na kira uku na ce su nuna min yadda suka yi. Biyu sun ce ba a cire 7 daga 2 shi yasa suka cire 2 daga 7 suka samu 5, sannan 2 daga 5 suka samu 3. Na tuna da bakina na ce '2 ba zai iya cire 7 ba' har sau uku kafin in ambaci aro, don haka ina zaton abin da ya zauna musu shine ƙarami ake cirewa daga babba duk inda yake. Sai dai ta ukun ta yi aro daidai, ta maida 2 ya zama 12 ta samu 5, amma bata rage 5 ɗin ya koma 4 ba, itama 35 ta samu. Kenan tambayar da na zaɓa bata iya rarrabe min kuskure biyun nan, ban san nawa ne ke wane ɓangare ba. Gobe zan fara da 52 a cire 28 kafin in koyar da komai. Mai juya lambobi zai samu 36, mai mantawa da ragewa zai samu 34, wanda ya iya zai samu 24."

Kinga tsawonsa bai kai rabin shafi ba, kuma bayanin abin da ya faru layi biyu ne kawai. Sauran duk tambayar me yasa ce, da hujjar da na dogara da ita, da inda hujjar ta gaza, da abin da zan gwada. Wurin da ya fi burge malamar tamu ma ba wajen da na gano dalili bane, wajen da na ce ban san nawa ne ke wane ɓangare ba, ta ce nan ne ta ga ina tunani. Mu a lokacin gani muke in ka nuna baka sani ba maki zai ragu, ashe akasin haka ne in dai ka faɗi yadda zaka bincika.

Washegari yara 56 suka zo, 29 suka rubuta 36, 11 suka rubuta 34, 10 suka samu 24, shida basu yi ba. To yanzu na san yawanci matsalar juyawa ce, kuma ita wannan ba a gyara ta da maimaita misali a allo don yaron bai ga cewa 5 ɗin nan hamsin bane, ɗauri biyar na goma-goma, shi lambobi biyu yake gani zaune kusa da juna kowa da harkarsa. Sai na sa aka kawo tsinken tsintsiya muka ɗaure goma-goma da kyauro, ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce a bani 28. Dole sai yaro ya kwance ɗauri ɗaya kafin ya iya bada takwas, kuma da idonsa yake ganin ɗaurin sun koma huɗu. Wannan ya zama rubutun kwana na biyu, kuma a ciki na rubuta gaskiya cewa bencinan gaba ne suka amfana don tsinken bai isa ba, na baya kallo kawai suka yi, da na sake gwadawa kuskuren ya fi yawa a bayan aji. Har na yi tambaya a ciki ko kalmar "aro" ɗin ma bata rikita su, tunda a gida in an ari abu ana maidowa, nan kuwa ba abin da ake maidowa, canji ne kamar a baki canjin naira hamsin zuwa goma-goma. Ban warware wannan ba a lokacin, na barshi a matsayin tambaya, kuma ba wanda ya ce min don me.

Dabarar da nake bawa ɗaliban da ake turo mana makaranta TP yanzu itace, in kin gama rubutu ki ɗauki biro ki bi jimla jimla, duk wadda wani da ya leƙo ta taga zai iya rubutawa ki sa mata alama. Ta shiga aji, ta rubuta a allo, yara sun yi surutu, mai leƙe ma ya gani. In masu alamar sun fi kashi ɗaya cikin huɗu to labari kike har yanzu. Sannan ki nemi kalmomi irin su saboda, ina zaton, hujjata itace, amma zai yiwu kuma, in babu ko ɗaya to ba a fara ba. Kuma ki kula da manyan kalmomin nan marasa shaida, darasi ya yi kyau, yara sun bada haɗin kai, an cimma manufa. Kowacce ki tambayi kanki nawa ne, su waye, me suka faɗa, me suka rubuta.

Wataƙila an koya muku zagayen Gibbs na 1988 mai mataki shida, bayanin abin da ya faru, yadda kika ji, auna mai kyau da mara kyau, nazari, abin da kika fahimta, sai shirin mataki na gaba. In kwalejinku ta ce a bi shi ki bi, amma kar ki raba shafi gida shida daidai wa daida, nan mutane ke faɗawa, su cika na farko da na biyu su zo kan nazari su sa layi ɗaya. Na huɗun ne ya kamata ya ci rabin shafin. Batun yadda kika ji kuma yana da amfani ne kawai in ya shafi abin da kika yi, misali ni tsoron kar lokaci ya ƙare supabaiza na zaune a baya ne yasa na karɓi "eeeh Malama" na wuce ban gwada su ba, wannan ya shiga. Amma na ji daɗi yau, na gaji yau, wannan na littafin sirrinki ne.

Haka kawo sunan masana, kar ki liƙa shi don ado. Ki kawo in yana bayyana abin da kika gani. Misali in kin lura kina tambaya ki amsa da kanki, akwai binciken Mary Budd Rowe na shekarun 1970 da ya nuna malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara na tsawaita masu amsawa ma su ƙaru. Sai ki gwada a ajinki ki ƙirga hannu nawa suka ɗagu ki rubuta ko hakan ta faru ko bata faru ba, in bata faru ba ma rubutu ne mai kyau.

Ramuka biyu da na ga suna cinye mutane, ɗaya ɗora komai kan yawan yara da rashin kayan aiki da iyaye. Gaskiya ne duk akwai su, amma jonal yana tambayar abin da ke hannunki ne cikin minti talatin ko arba'in ɗin nan, ki ambaci yawan ajin a inda ya taɓa shawarar da kika yanke kawai, kamar maganar tsinke da bai kai baya ba. Ɗayan kuma zagin kai, ni ban iya ba, na gaza, shima ba nazari bane don bai nuna wane mataki ne ya karkace ba.

Ki rubuta ranar da abin ya faru, ko da layi uku ne a bayan lesin nut kafin ki bar makaranta, musamman ainihin maganar da yaro ya faɗa da lambobin da kika ƙirga, in kika bari sai ƙarshen sati ƙwaƙwalwa zata gyara miki labarin ya fito tas ke ce jaruma. Kar ki sa sunan yara, ki ce ɗaliba A ko wani yaro a bencin baya, don takardar hannu da yawa zata bi. In kina so ki ɗauki ɗaya daga cikin biyun da aka dawo miki da su ki nemi jimla ɗaya da kika wuce da sauri, irin "wasu basu gane ba", ki turo ta nan da abin da yaran suka rubuta a littafinsu mu tona ta tare.