Mijina Ya Bar Mini Amanar Marayu, Wansa Ya Ce In Na Yi Aure Zai Karɓe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, namiji ɗan shekara 11 da mata biyu, iyayensa kuma sun riga shi. A cikin jinyarsa ya kira abokansa biyu ya ce su shaida ni ya bar wa kula da yaran da dukiyarsu. Ya bar gidan haya da shanu 32. Na gama takaba, na sami mai so na. Yanzu wansa ya ce ranar da aka ɗaura mini aure zai karɓi yaran da takardun gidan, wai shi ne waliyyinsu, kuma wani malami ya gaya masa mace ba ta zama wasiyyiya. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari.

Baiwar Allah, hukuncin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abokan nan biyu da marigayi ya kira. Idan adilai ne, kuma ya yi maganar yana cikin hankalinsa, to ke ce wasiyyiyar yaran nan. A mazhabar Malikiyya jiɓintar dukiyar yaro tana hannun uba, sai wanda uban ya yi wa wasiyya, sai alƙali. Baffa ba ya cikin jerin nan ko kaɗan, haka ma kaka da wa. Da a ce mijinki bai yi wasiyyar ba, ke ma zamanki uwa ba zai ba ki ikon sayar da ko akuyarsu ba, kuma baffan ma bai samu ba. Alƙali ne zai duba wanda ya fi cancanta ya naɗa shi. Saboda haka kada ki kwana a kan wannan. Ki kai shaidun gaban alƙali tun suna raye, tun ba su manta lafazin ba, a rubuta, a ba ki takarda. Wasiyyar baka da ba a tabbatar ba takan bi masu shaidarta kabari.

Sharuɗɗan wasiyyi su ne: Musulmi, baligi mai hankali, mai amana, wanda zai iya aikin.

Maganar cewa mace ba ta zama wasiyyiya, an ruwaito ta daga Aɗa'u, ɗaya daga cikin tabi'ai, hujjarsa kuwa ita ce mace ba ta alƙalanci. Mazhabobi huɗu duk sun saɓa masa, kuma ni a wurina ƙiyasin ba ya tsayuwa. Alƙalanci iko ne a kan jama'a, ana zartar da shi a kan wanda ya so da wanda ya ƙi. Wasiyya kuwa wakilci ne na mutum ɗaya, uba ya zaɓi wanda ya yarda da shi ya tsaya a madadinsa, kuma babu mai cewa ba a wakilta mace a saye da sayarwa. Macen da shari'a ta sakar wa dukiyarta ta juya ba tare da sa hannun kowa ba, da wace hujja za a ce jinsinta ya hana ta tsare ta ɗanta? Sayyidina Umar ya bar kula da waƙafinsa a hannun 'yarsa Hafsa, sahabbai na nan, babu wanda ya yi inkari. Annabi (SAW) kuma ya ce wa Hindu matar Abu Sufyan ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada, wato ya amince mata ta ƙiyasta ciyarwar yara daga dukiyar da ba tata ba. In an ce ai baffa waliyyi ne wajen aurar da 'yan matan, sai mu ce wannan babi daban ne, walicin aure ba ya jawo walicin dukiya. Balle ma wan mijinki ba shi da ko sisi a gadon nan, ɗa namiji ya katange shi.

Aure ba ya warware wasiyyar dukiya. Inda yake taɓawa shi ne riƙon yaran: uwa in ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, riƙo yakan bar hannunta. Ga wasiyyiya ma akwai ruwaya biyu daga Imamu Malik, ɗaya ta bar mata su. Ko an ɗauki mai tsananin, mahaifiyarki ce ke biye, sannan 'yan'uwanki mata suna gaba da baffa nesa ba kusa ba.

To amma kada ki ɗauka takardar alƙali ta sa kin fi ƙarfin tambaya. Alƙali na nan a kanki, kuma ga abin da zai nema. Da farko a ƙididdige duk abin da aka bari a gaban shaidu, a biya bashi, a raba. In babu bashi ko wata wasiyyar dukiya, a cikin shanu 32 tumuninki 4 ne, namijin 14, matan 7 kowacce, kuɗin haya ma a kan wannan lissafi. A yi wa dabbobin kowa alama, don ɗan maraƙin da saniyar ƙaramar ta haifa nata ne, ba na gida ba. Kuɗinsu ya zauna a asusun da ba naki ba. Ki buɗe littafi, kowane yaro da shafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, kwanan wata, da rasit in akwai. Cin abinci a tukunya ɗaya ba laifi, aya ta 220 a Suratul Baƙara ta sauƙaƙa shi, sai dai ki ƙiyasta kason kowa ki rubuta. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara ki fitar masa da zakka, ki rubuta ita ma.

Gidan kuwa ba ki sayar da shi sai da dalili, kamar ciyarwar da babu wata hanya, ko ya doshi rushewa ba kuɗin gyara, ko an taya shi da tsada ƙwarai. Ko da dalilin, ki nemi izinin kotu a rubuce. Kada ki saya wa kanki komai daga kayansu, irin wannan ciniki alƙali yakan sake dubawa ya rushe shi in da rangwame.

Baffan yana da damar kai ƙorafi, kuma in ya kai kada ki ɗauke shi gaba. In alƙali ya ga rauni kawai, kamar lissafi ya rikice miki, sai ya haɗa ki da amintacce ko ya sa mai sa ido. In ha'inci ya tabbata zai tsige ki, ki biya abin da ya salwanta. Abin da ya halaka ba da sakacinki ba, kamar annoba ta faɗa wa garke, babu biya a kanki.

Ga wata shawara da ba ki tambaya ba. Yawancin wasiyyan da ake tsigewa ba da niyyar sata suka fara ba, da “aro” suka fara. Ki gaya wa mai neman nan naki tun yanzu cewa kuɗin yaran ba jari ba ne a gare shi, ko da sunan bashi, kuma ba zai karɓi haya a madadinki ba. Yadda ya karɓi maganar zai nuna miki abu mai yawa. Baffan kuma ki riƙa nuna masa littafin sau ɗaya a shekara ko bai nema ba, dangin yaran ne, za su buƙace shi.

Idan namijin ya balaga kada ki miƙa masa komai a rana ɗaya. Ki gwada shi da kaɗan, ki ga yadda zai juya, sai hankalin riƙon dukiya ya bayyana. Ranar miƙawa ki kira shaidu, domin a Malikiyya ana karɓar maganar wasiyyi a kan ciyarwar da ta yi kama da gaskiya, amma in ya ce ya miƙa dukiyar yaron ya musa, sai ya kawo shaida.

Wallahu a'alam.