Shawarwari uku da aka ba Alhaji kan haraji: wacce ce dabara, wacce ce laifi?

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da atamfa da shadda a Kano ya aiko mini da tambaya. Shagon nasa ne shi kaɗai, bai mayar da shi kamfani ba. Ya ce ribarsa ta shekara ta kai naira miliyan 12, harajin da aka lissafa masa kuma ya kusa miliyan 2. Mutum uku suka ba shi shawara. Akanta ya ce ya riƙa rubuta duk abin da yake kashewa, ya kuma nemi sassaucin kuɗin haya. Surukinsa ya ce ya sa uwargida a jerin ma'aikata ya yanka mata albashi. Maƙwabcinsa a kasuwa kuwa cewa ya yi wasu kwastomomin su riƙa turawa asusun yaron shago, kada kuɗin su bi ta littafi. Tambayarsa: "Barista, duka ukun ba rage haraji ba ne? Ina bambancin?"

Alhaji, bambancin yana da girma. Ta farko haƙƙinka ce. Ta uku laifi ce da ke iya kai mutum gidan yari. Ta biyun ce ke buƙatar dogon bayani.

A bakinmu kalmomin sun cakuɗe. A rediyo za ka ji "kauce wa haraji" da "zille wa haraji" da "ƙin biyan haraji" duk a kan abu ɗaya. A nan zan ware su. Kauce wa haraji shi ne ka tsara harkarka ta yadda harajin ba zai hau kanka ba tun farko, ko ya hau kaɗan, alhali duk abin da ka faɗa wa hukuma gaskiya ne. Zille wa haraji kuwa shi ne harajin ya riga ya hau kanka, sai ka ɓoye ko ka yi ƙarya. Tuna zamanin jangali. Makiyayin da ya sayar da shanu goma da gaske kafin mai ƙidaya ya iso ya kauce, domin ba shi da su. Wanda ya kora goma cikin daji har mai ƙidaya ya wuce, shi ya zille.

Mu yi lissafinka. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, wato 330,000. Miliyan 9 na gaba ana cire kashi 18, wato 1,620,000. Jimla 1,950,000 a kan miliyan 12. Kuma tunda kai ba kamfani ba ne, hukumar tara haraji ta jiha ce ke karɓa, ba ta tarayya ba.

Da na sake tambayarka, sai ya bayyana kana ba yaranka biyu naira 50,000 kowanne a wata, hannu da hannu, ba ka taɓa rubutawa ba. Miliyan 1.2 ke nan a shekara. Kuɗin dako da lodi sun kai 500,000, su ma ba a rubuce suke ba. Waɗannan kuɗi ne da aka kashe domin samar da ribar, doka kuma ta ce a cire su kafin a lissafa haraji. Sannan kana biyan hayar gidan da kake zaune miliyan 1.5. Sabuwar dokar ta ba mai haya sassaucin kashi 20 na hayarsa ta shekara, iyakarsa 500,000, naka ya kama 300,000. Idan aka haɗa, miliyan 2 sun fita, saura miliyan 10, harajin ya koma 1,590,000. Ka rage 360,000 ba tare da ka ɓoye ko sisi ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne shaida: littafin albashi da yaran suke sa hannu, ko ka riƙa tura musu ta banki, da rasit ɗin mai gida. Ba ruwan jami'in haraji da rantsuwa, takarda yake karantawa.

Me ya sa doka ta bar wannan? Haraji ɗaukar dukiyar mutum ne da ƙarfin hukuma, saboda haka kotuna suka tsaya a kan cewa ba a karɓarsa sai da nassi bayyananne. Abin da nassin bai kama ba, ba na gwamnati ba ne. Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata a kan wannan ta Ingila ce, ta 1936. Wani basarake, Duke na Westminster, ya daina biyan mai kula da lambunsa albashi kai tsaye, ya rubuta masa takardar alkawarin biyan kuɗi na shekaru, domin irin wannan biyan ana cire shi daga abin da ake ɗora wa haraji. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce ya yi daidai: kowa na da damar tsara lamuransa yadda harajinsa zai ragu. Ga kuma dalili na biyu, wanda ya fi sauƙin ganewa. Sassaucin haya, da cire kuɗin fansho, da na inshorar lafiya, majalisa ce ta saka su da gangan. Wanda ya buɗe ƙofa da hannunsa ba zai kama ka don ka shiga ba.

Shawarar maƙwabcinka ba sai na daɗe a kanta ba. A ce ribar miliyan 4 ta bi ta asusun yaro, ka bayyana miliyan 6 maimakon 10. Harajin ya zama 870,000, ka riƙe 720,000. Amma ribar ta samu, taka ce, ka san taka ce, ka kuma sa hannu a fom cewa babu ita. Tsarin harajinmu ya dogara ne a kan mutum ya bayyana abin da ya samu da kansa, sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ma ya lissafa bayyana kuɗin shiga da gaskiya cikin wajiban ɗan ƙasa. Don haka abin da ake hukuntawa a nan ƙaryar ce, ba ƙarancin kuɗin da aka biya ba. Za ka biya harajin, da tara, da ruwa, sannan ana iya gurfanar da kai. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. A al'ada hukuma ba ta komawa baya fiye da shekara shida wajen sake lissafi, amma inda aka sami zamba ko ɓoyewa da gangan wannan iyaka ba ta kare mutum.

Yadda ake ganewa ma ba wuya. Dilolin da ka saro, da waɗanda suka rage a sito, da cinikin da ka rubuta, dole su yi daidai. Idan ka saro dila ɗari, ashirin suka rage, littafi kuma ya nuna cinikin hamsin, za a tambaye ka ina talatin. Ka bar ma batun hukuma. Ranar da yaron ya gudu da kuɗin, me za ka ce wa alƙali? In kuma Allah ya yi masa rasuwa, kuɗin da ke asusunsa magadansa ne za su fara kallonsu a matsayin gado.

Saura ta surukinka. A ce ka yanka wa Hajiya 800,000 a shekara. Ita ba za ta biya komai ba tunda ba ta haura iyaka ba, kai kuma ribarka ta ragu da wannan adadi, ka tsira da 144,000. Ko wannan ya halatta ya danganta da abu ɗaya: tana aikin? Idan ita ke tallata kaya ga mata ta waya, tana karɓar oda, tana riƙe littafin bashi, kuɗin kuma suna shiga asusunta tana kashe abinta, to albashi ne na gaske, babu mai taɓa shi. Idan tana ɗan taimakawa jefi-jefi amma albashin ya ninka abin da za ka ba bare, nan ne hukuma za ta shigo. Idan kuwa ba ta san ma an sa sunanta ba, kuɗin kuma aljihunka suke komawa, ka bar kaucewa ka faɗa zillewa, domin ma'aikaciyar bogi ce.

Wannan na tsakiyar yana da nasa hukuncin, saboda damar da shari'ar 1936 ta bayar ba ta zauna yadda take ba. A 1981, a shari'ar Ramsay, kotun Ingila ta ce idan aka jera matakai waɗanda ba su da wata manufa sai kashe haraji, za a dubi abin dunƙule, ba mataki-mataki ba. Mu ma dokokinmu sun daɗe da irin wannan tanadi: sashe na 17 na tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane da na 22 na ta kamfanoni sun ba hukuma ikon yin watsi da cinikin da ta ga na jabu ne ko na shiri, musamman tsakanin dangi ko kamfanonin mutum ɗaya, sabuwar dokar ma ba ta yar da wannan iko ba. Sakamakon shi ne a lissafa maka haraji kamar ba ka yi shirin ba, ka biya cikon da abin da ya hau kansa. Asara ce ta kuɗi, amma muddin ba ka ɓoye komai ba, ba a ɗaukar ka mai laifi. Irin wannan ne ke samun masu tsaga shago ɗaya zuwa kamfanoni uku don kowanne ya zama "ƙaramin kamfani" da ba ya biyan harajin riba, alhali sito ɗaya ne, yara ɗaya, mai sa hannu ɗaya. Wanda ya yi karatun zakka ba zai ji wannan baƙo ba, tunda an hana raba garken da yake haɗe don gudun zakka.

Ni dai ga ma'aunin da nake ba masu zuwa ofishina: za ka iya zaunar da jami'in haraji ka bayyana masa shirin daga farko har ƙarshe, shirin kuma ya ci gaba da aiki? Na akanta zai yi. Na Hajiya zai yi in tana aikin. Na maƙwabci kuwa yana rayuwa ne kawai muddin ba a sani ba.

Ka miƙa bayanin kuɗin shigarka kafin ƙarshen Maris na kowace shekara. Idan hukuma ta ƙi yarda da wani abin da ka cire, ta aiko maka da nata lissafin, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa tare da hujjojinka. In ba ku daidaita ba, sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma cikin kwana 30. Kada ka jefa takardar a durowa kana cewa za ka ga wani a ofis, domin in wa'adin ya wuce lissafin ya zauna, ko da kuskure ne. In kuma ka riga ka fara bin shawarar maƙwabci, ka tsayar yau, ka ciro bayanan asusun yaron daga banki, ka kai wa akanta da lauya su gyara bayanan shekarun da abin ya shafa tun kafin takardar bincike ta iso shago.