Masu kallo sun ragu dare ɗaya: ina za a fara dubawa?

Tambaya: Malam, ina da shafin darussan lissafi don ɗaliban BEPC. Da ina samun kallo kusan 900 a rana, ranar Talata sai ya faɗo 300, bai sake tashi ba. Google ne ya canza tsarinsa, ko matsalar daga wurina take?
Wani malami daga Birni, Damagaram

Amsa: Malam, kada ka gyara komai tukuna, ka fara ajiye Google Analytics da Search Console gefe da gefe, domin ba hanya ɗaya suke ƙirga ba. Analytics ya dogara ne da lambar ƙirga mai farawa da G- wadda aka saka a kowane shafi, Search Console kuwa daga ɓangaren Google yake ƙirga waɗanda suka nema suka shigo, saboda haka ɓacewar lambar ba ta shafe shi ba.

Idan Clicks na Search Console sun tsaya yadda suke a makon jiya, alhali Analytics ya faɗi, to da alama mutanenka suna nan, ƙirgar ce ta lalace. Nan na fi zargi, domin faɗuwar da ta zo rana ɗaya ta kuma zauna daram takan biyo bayan canza fasalin shafi ne. Ka buɗe Realtime na Analytics, wanda ke nuna masu kallo na yanzu-yanzu, ka shiga shafin farko da wayarka, sannan ka shiga darasi ɗaya. In na farko ya bayyana darasin bai bayyana ba, lambar ta fita daga darussan ne kawai, shi ya sa ƙirga ba ta koma sifiri ba. A kwamfuta, Ctrl+U zai nuna maka ko G- yana nan. Kallon kwanakin da aka rasa ba ya dawowa, ko an mayar da lambar.

Idan kuwa duka biyun sun faɗi, sai ka duba Average position a Search Console, wato matsakaicin matsayin shafinka a sakamakon binciken Google. Darasin da ke matsayi na 3 ya koma na 14 alama ce ta canjin tsarin Google, wanda yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu, kuma Google Search Status Dashboard yana nuna ranar da ya fara. In matsayi bai motsa ba amma Impressions, wato yawan bayyanar shafinka a sakamakon bincike, sun ragu, masu nema ne suka ragu, kamar yadda ake gani da zarar an gama jarabawa ɗalibai sun ajiye littafi.

Search Console yana ajiye bayanan wata 16, don haka ka gwada da bara. Sai dai ka yi hattara da azumi da salla, domin suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: ka gwada makon farko na azumi da makon farko na azumin bara, ba kwanan watan Nasara ba.