Kyanwata ta gama da kujerun falo

Tambaya: "Salamu alaikum. Don Allah masu kiwon kyanwa ku ba ni shawara. Tawa ta yayyage hannun kujerun falona da farce, soso har ya fito. Na dake ta, na watsa mata ruwa, na kore ta, duk a banza. Maigidan ya ce in ba ta daina ba a kai ta kasuwa a yar. Mugunta ce ko wata cuta? Yaya zan hana ta?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki ba Maigidan haƙuri tukuna, kyanwarki lafiyarta ƙalau kuma ba ta ƙullace ki ba. Amma ki cire batun hanawa daga ranki, don babu kyanwar da ake hana karta. Abin da ake yi shi ne a sauya mata wurin da take kartar. Na daɗe ina kiwonsu, kuma ban taɓa ganin wadda duka ya gyara ba. Abin da duka da watsa ruwa ke koya mata guda ne: kada ta taɓa kujera idan kina falon. Kina shiga kicin ta koma, ga shi kuma ta fara tsoronki.

Farcen kyanwa ba kamar namu yake tsiro ba. Hawa-hawa yake, sabo mai kaifi yana ciki, tsohon ɓawo yana lulluɓe da shi. Idan ta kafa farcen ƙafafun gaba a wani abu ta ja, tsohon ɓawon ne take zarewa. Ki duba gindin kujerar in kin zo shara, za ki tsinci wasu 'yan ɓawo farare masu lanƙwasa. Mutane kan tsorata su ce farcenta ya karye, alhali gyara ta yi. Sannan miƙa ce: tana kafa farcen a sama ta ja jikinta, ta warware kafaɗa da gadon baya, shi ya sa za ki ga yawanci daga barci take tashi ta nufi kujerar.

Dalili na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ke sa ta nace wa wuri ɗaya. A tsakanin yatsunta akwai wasu ƙwayoyi masu fitar da wari wanda hancinmu ba ya ji. Duk inda ta karta ta bar warinta, ta kuma bar zane da ido ke gani, wato ta sa hannu cewa nan wurinta ne. Gobe in ta wuce ta ji warin ya fara dushewa sai ta sabunta. Kuma ba a lungu take son sa wannan alama ba, sai inda ake zama, inda ake wucewa, bakin ƙofa. Hannun kujerar falo ya haɗa komai: yana da tsayi, ba ya motsi in ta ja, yadin yana kama farce, ga shi a tsakiyar gida. Kyanwar da ke yawo a tsakar gida tana hawa katanga ba ta cika wannan ɓarna ba, don tana da gindin darbejiya da tsohon turmi da itacen girki. Wadda aka kulle a gidan tayil da siminti kuwa, in ba kujera da katifa da labule ba, me za ta kama?

Kafin ki kira kafinta, ki durƙusa ki karanta ɓarnar da ta yi, don ita ce za ta gaya miki abin da za a ƙera. Zanen a tsaye yake, daga sama zuwa ƙasa, ko a kwance kan kafet da mazaunin kujera? Ina ya kai a tsayi? Yadi ta fi so ko ƙafar katako? Tunda kin ce hannun kujera, taki mai karta a tsaye ce, turke take buƙata. Wadda ke kartar kafet ko darduma kuwa, ko kin kafa mata turke ba lallai ta kalle shi ba. Ita sai abin shimfiɗe: falanki da aka naɗe da buhun algarara, ko kwali da aka yanyanka siri-siri aka jera a tsaye aka manne, bakin yankan yana kallon sama.

Ga yadda turken zai kasance. Ki ce wa kafinta ya samo katako mai kauri, inci uku kowane gefe, tsayinsa ƙafa uku, wato kusan santimita 90. Kada ki yarda ya rage miki tsayin don ya fi kyau a falo. Dole kyanwar ta iya tsayawa da ƙafafun baya ta miƙe iya tsawonta, farcenta bai kai ƙarshen turken ba. Gindin kuma falanki mai nauyi, kamar santimita 50 tsawo da faɗi, a ɗaure turken daga ƙasa da sukuru dogaye. Nan ne yawancin turaka ke faɗuwa jarrabawa. Idan an kawo, ki sa hannu ki tura saman da ƙarfi. In ya yi rawa, a mayar a ƙara nauyi, ko a ɗaure shi da bango. Kyanwar da turke ya taɓa karkatowa kanta sau ɗaya ta gama da shi, za ta koma kujerar da ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Sai a naɗe shi da igiya mai kaushi. Ta sisal, wadda ake tufkawa da zaren ganyen wani tsiro, ita ce aka fi amfani da ita, in ba a samu ba ta rama ma tana yi, sai dai ta fi saurin cinyewa. Igiya mai kaurin ƙaramin yatsa za ta ci kusan mita 30 a irin wannan turke. A shafa gam ɗin kafinta, a naɗa a matse sosai, zagaye kan zagaye ba giɓi, ƙusa kuma a sama da ƙasa kawai, a nutsar da kanta. Ki guji igiyar roba irin ta shanya, farce na maƙalewa a cikinta ko ya zame. Kada a shafa fenti ko banish, warin yana korarsu. Kuma don Allah kada kafinta ya lulluɓe shi da ragowar yadin kujera don ya yi kalar falo. Yaya za ta gane wannan yadin halas ne, wancan haram?

Yanzu wurin ajiyewa, wanda a ganina ya fi ƙirar kanta muhimmanci. Wata maƙwabciyata ta sa an yi mata turke mai kyau, ta kai shi bayan ƙofar kicin don kada baƙi su gani, sannan ta zo tana ce min kuɗinta sun tafi a banza, muzurun ko shinshinawa bai yi ba. Da muka duba falon, hannun kujera ɗaya tak yake ci, na kusa da ƙofar shigowa, kuma a kan wannan kujerar yake barcin rana. Muka ɗauko turken muka jingina shi daidai gaban wurin da ya yage, har yana taɓa kujerar. Hannun kujerar muka goge shi da ruwa da sabulun wanki don rage warinsa, da ya bushe muka lulluɓe da leda mai kauri mai santsi muka ɗaure da salatif. Ya tashi daga barci ya miƙa hannu inda ya saba, ya ji santsi, farce ba ya kamawa, ga igiya a gefe. Kafin mako ya zagayo igiyar ta fara tashi, alamar ya karɓa.

Abu biyun nan tare suke tafiya. In kin rufe kujera ba ki ba ta turke ba, za ta koma ɗaya hannun ko katifarki. In kin ba ta turke kin bar kujera a buɗe, tsohon warinta zai ci gaba da kiranta. Wajen gogewar kada ki yi amfani da abin wanki mai amoniya, warinsa na kama da na fitsari a hancin kyanwa, sai ki buɗe wata matsalar.

Kada ki kama ƙafafunta ki goga mata a igiya, yawancinsu suna jin haushin haka har su tsani turken. Ki ɗaura tsumma ko gashin kaza a zare ki riƙa jansa sama a jikin turken, ta yi tsalle ta kama, farcenta ya shiga igiyar da kansa. Ke ma ki riƙa kartar igiyar da farcenki, ƙarar tana janyo su. Duk lokacin da kika ga ta karta a can, nan take ki ba ta ɗan guntun nama ko kifi, ba bayan minti biyar ba, don ba za ta haɗa biyun ba. In kin kama ta a kujera, ki kira ta ko ki ja zaren wasan zuwa turke, ba tsawa.

Ki bar ledar makonni, har sai turken ya zama mata jiki. Bayan nan ki cire ta, kuma in wurin turken ya tare miki hanya ki riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan, kamar taƙi ɗaya a rana, amma ya tsaya cikin falon. In ya tsufa ya yi buzu-buzu kada ki yar, lokacin ne ya fi mata daɗi, warinta ya kama shi. Igiyar da ta tsinke kawai za a sake naɗawa. In kyanwoyin sun fi ɗaya, kowacce da nata.

Yanke farce yana rage ɓarna, duk mako biyu zuwa uku. Ki danna tafin a hankali farcen ya fito, ki duba a haske: ƙarshensa fari ne, can ciki akwai wuri mai ja-ja inda jini da jijiya suke. Farin tsinin kaɗai za ki cire. Amma in wani ya ce miki a kai ta a cire farcen gaba ɗaya, kada ki yarda. Wannan aikin yanke ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ne, shi ya sa Birtaniya da ƙasashen Turai da dama suka haramta shi, jihar New York ma ta bi sahu a 2019. Wadda aka yi wa takan zauna da ciwo, wata ta koma cizo.

In kuma kartar ta ƙaru ne kwatsam, musamman a bakin ƙofa da taga, ki duba abin da ya sauya a gidan. Sau da yawa baƙon muzuru ne ke zagayawa a waje, ko an kawo sabbin kujeru da ba su da warinta, ko an yi ƙaura. Irin wannan sai ki ƙara turke na biyu a daidai ƙofar ko tagar, ki kuma sa a daina barin ragowar abinci a waje da ke janyo baƙon. In ta fara ɗingishi, ko tana yawan lasar ƙafa, ko kin ga farce ya lanƙwashe yana shiga tafinta, wannan na likitan dabbobi ne.